Kabiru, ina neman izininka kan wani hoto

Assalamu alaikum, mutumina.

Da fatan kana lafiya, kai da iyali. A gaishe min da Umma, da fatan ƙafar tata ta yi sauƙi.

Magana ce a kan hoton da muka ɗauka ranar yaye mu a 2019, wanda ba ka ciki saboda lokacin kana kwance a asibiti. 'Yan ajinmu sun ɗora min aikin gyara shi don taron da za mu yi a watan gobe. Duk sanda na buɗe shi, gurbin da ke tsakanina da Sadiq nake kallo, inda ka saba tsayawa. Shi ne na ce me zai hana in saka ka.

Ga yadda zan yi. Akwai hotonka da na ɗauka a bakin ɗakin karatu, wanda ka ɗan karkata kai kana dariya, hasken rana ta hagu, daidai da na hoton ajin. Fuskar zan yanko da Photoshop. Matsalar ita ce ba ka da hoto da rigar yaye ɗalibai, don haka a kan jikina zan ɗora ta, daga wani hoton da na yi ni kaɗai. Kai naka, kafaɗa tawa. Ka ga ka samu faɗin ƙirjin da ka daɗe kana nema! Ban da daidaita haske, ba abin da zan taɓa a fuskar. Ba zan ƙara maka fari ba, tabon goshin nan ma yana nan. A kwamfutata zan yi aikin, ba zan loda hotonka a wani shafin gyaran hoto ba.

Za a buga guda ɗaya babba a rataye a wurin taron, sannan a tura a zaurenmu na WhatsApp. A nan ne nake so ka yi tunani sosai. Da zarar ya shiga wayoyin mutane ya fita daga hannuna. Ko na goge, wanda ya riga ya adana ko ya tura gaba yana da nasa. Kuma wanda bai san labarin ba zai ɗauka kana wurin. Saboda haka zan rubuta a ƙasan hoton cewa haɗawa aka yi, da saninka.

Na san ba ka cika son tuna wancan lokacin ba. In abin bai kwanta maka ba, ka ce min a'a kawai, ba sai ka kawo dalili ba, kuma wallahi ba zan ji komai ba. Ban fara ba tukuna, ban kuma faɗa wa kowa ba, har Sadiq.

In ka yarda, kai za ka fara gani, abin da ka ce a cire a cire. Ranar 20 ga wata zan kai wa mai bugawa, don Allah in ji daga gare ka kafin nan.

Naka,
Aminu