Gaisuwar Jagoran Masu Neman Aure a Gidan Malam Haruna, Unguwar Juma

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Alhamdulillahi. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalan gidansa da sahabbansa.

Allah gafarta Malam, barkanmu da yamma. Mun same ku lafiya? Ina gajiya, yaya iyali? Alhaji Tanimu, sannu da hutawa. Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya. Iyayenmu mata da ke cikin gida, a miƙa musu gaisuwarmu, mun ga ruwa da fura, Allah ya saka da alheri.

Ni ne Shehu, daga Kwarbai. Wannan na damana ƙanena ne, Malam Garba. Na kusa da shi Alhaji Isa, kawun yaron, shi ya zo a madadin dangin uwa, tun daga Tudun Wada. Sai maƙwabcinmu Malam Audu, wanda katanga ɗaya ta raba mu, mun taho da shi ne don in na faɗi abin da ba haka ba ya tsayar da ni.

Wannan zauren ba baƙona ba ne. Ina yaro na ɗauki karatu a nan wurin marigayi mahaifinku, Allah ya jiƙansa. Buzunsa a wancan lungun yake, kusa da alkuki, mu kuma muna jere a bakin ƙofa bayan sallar asuba, sanyi na kaɗa mu. Da aka gaya mini gidan da za mu zo, sai na ce to, wannan tafiyar ba na wakilta kowa, da ƙafata zan je.

Malam, iri muka zo nema. Ɗanmu Abdullahi ya ga 'yarku Hauwa'u, ya ce yana so. Bai tsaya yana ta zarya a ƙofar gidan mutane ba, ya zo ya same ni, ni kuma na tara 'yan uwa muka yi shawara, muka aiko muku, kuka ba mu wannan rana. Mun gode.

Bari in gaya muku ko wane ne shi. Ɗan yayana ne, marigayi Malam Yusufu maɗinki, wanda da yawanku kun sa rigar da ta fito daga hannunsa. Ya rasu a 2011, tun daga lokacin yaron yana hannuna. Shi Abdullahi shekararsa 29. Ya sauke Alƙur'ani, ya yi karatun lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ya yi bautar ƙasa, yanzu yana koyarwa a wata sakandare a Sabon Gari. Albashin malami kun san shi, ba sai na faɗa ba. Amma bai yar da allurar ubansa ba: in ya dawo daga makaranta zai zauna ya ɗauki aikin wuyan riga har magariba, kuma da wannan yake cefanen mahaifiyarsa. Ba mai kuɗi muka kawo muku ba. Yana da ɗaki ciki da falo a sashen mahaifinsa, an yi masa rufi, saura fenti. Sallah kuwa, sahun farko. Aibinsa da na sani, yana da kafiya in ya ga gaskiyarsa, wannan gado ne, daga wajenmu ya kwaso.

Duk da haka kada ku tsaya kan maganata, ɗana ne, dole in yabe shi. Ku aika Kwarbai a tambaya. A tambayi limamin masallacinmu, a tambayi abokansa, a je inda yake aiki. Mu ma, ba zan ɓoye ba, mun yi tambaya a kan yarinya, abin da muka ji shi ya ƙaro mana sauri.

Abu biyu muke roƙo. In akwai wanda ya riga mu, a gaya mana yanzu mu janye, don Manzon Allah ya hana nema cikin nema. In babu, a tuntuɓi ita Hauwa'u a ji ta bakinta, a tuntuɓi mahaifiyarta, sannan a ba shi izinin zuwa zance da saninku. Mun ji tana aji na ƙarshe a karatunta, ya yi alkawari a gabana ba zai katse mata ba. Gwajin jini kuma, musamman na sikila, muna so a yi shi da wuri, tun kafin magana ta yi nisa. Batun sadaki da sa rana da lefe ba yau ba, sai kun kira mu.

Garba, matso da kayan. Ga goro ƙwarya 2, ga alawa da dabino, ga kuma naira 50,000 na gaisuwar iyaye, a raba har dangin uwa. Ba yawa, a yi haƙuri da mu.

Ba mu ce sai mun tafi da amsa yau ba, ku yi shawara a tsanake. Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, mu da ku. Allah gafarta Malam, muna saurare.