Darasi na farko: yadda ake siffanta baƙi

Salam ɗalibai, da fatan ana ta fama da girbi lafiya. Kafin mu koma aji ranar Litinin ga somin taɓi, amma don Allah kada wanda ya karanta a zuci, sai ka buɗe baki ka furta ko da ƙannenka za su yi maka dariya.

Baƙi dai sauti ne da iskar da ta taso daga huhu take gamuwa da cikas kafin ta fita, saɓanin wasali da take wucewa salin alin. Tambaya uku kawai ake yi wa kowane baƙi: a ina aka tare iskar, yaya aka tare ta, sannan tantanin maƙwallato ya kaɗa ko bai kaɗa ba.

Ta farko ita ce gurbin furuci. Ce ba, ka ji leɓɓanka biyu sun haɗu ko, shi ne baleɓe. Ce ta, tsinin harshe ya taɓa tudun nan na bayan haƙoran sama wato hanƙa, bahanƙe ke nan. Ce ka, yanzu doron harshe ne ya tashi can baya ya taɓa wurin nan mai laushi na saman baki wato hanɗa, bahanɗe. Wurin nan mai tauri da ke tsakanin hanƙa da hanɗa ganɗa ce, nan y take. Af, f ɗinmu ta nan Kano da Jigawa da leɓe biyu muke yin ta ba haƙori a ciki, ba irin ta Turanci ba ce.

Sai yanayin furuci, nan ne ɗalibai suka fi rikicewa. b da m duk a leɓe suke amma a b an datse iska gaba ɗaya sannan aka sake ta, tsayau, a m kuwa baki a rufe iskar ta hanci take bi, ɗan hanci, in ba ka yarda ba ja mmmm sai ka toshe hancinka ka ga in zai ci gaba. A s ba a datse ba matse hanyar aka yi iska na fita da gogayya, zuzau. Ɓ da ɗ maƙwallato ne ke yin ƙasa, haɗiyau, ƙ da ts kuma sama yake yi ya tunkuɗo iskar, tunkuɗau, shi ya sa bari daban ɓari daban.

Ziza kuwa, wato kaɗawar tantanin maƙwallato, mai sauƙi ce. Ɗora yatsu a maƙogwaro ka ja ssss sannan zzzz, a z za ka ji karkarwa kamar waya na kuka a aljihu, mai ziza ke nan, s maras ziza. Abin da ya raba kara da gara ke nan ta ɓangaren baƙi.

To a haɗa su: k bahanɗe, tsayau, maras ziza. Ku yi min na d, n, z da g a takarda ku zo da shi Litinin, kuma kowa ya yi da bakinsa, ina gane wanda ya kwafa.