Amsar manajan otal ga baƙon da ya sauka a ɗaki mai lamba 214

Ranka ya daɗe,

Na karanta abin da ka rubuta game da kwana biyun da ka yi a otal ɗinmu, kuma ban so in ba ka amsa ba sai da na duba rajistar baƙi, na zauna da ma'aikatan da ke bakin aiki a waɗannan ranaku, na kuma shiga ɗakin da ƙafata.

Batun na'urar sanyaya ɗaki, gaskiya ka faɗa. Tun ranar Alhamis mai gyara ya rubuta cewa tana zubar da ruwa kuma ba ta ba da sanyi, amma takardarsa ba ta isa teburin karɓar baƙi ba, shi ya sa aka ba ka ɗakin da ya kamata a ce yana rufe. Har yanzu shatin ruwan yana nan a kan kafet, daidai ƙarƙashin taga. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ka kira da ƙarfe 11 na dare aka ce ka yi haƙuri zuwa safe, alhali akwai ɗaki babu kowa a hawa na uku. Ma'aikacin ya ɗauka ba shi da hurumin sauya wa baƙo ɗaki sai da izinina, kuma tunda ni ne ban fayyace masa ba, laifin a wuyana yake. Ina ba ka haƙuri. Yanzu duk mai aikin dare yana da wannan hurumi a rubuce, ɗakin kuma ba za a sake bayar da shi ba sai an gama gyara.

Sai dai zancen cewa mun cire maka kuɗi sau biyu, har ka kira ma'aikatanmu ɓarayi, wannan ba haka yake ba, kuma ba zai yi kyau in yi shiru a kansa ba, domin mutuncin mutanen da suke aiki tsakani da Allah ne. Ranar da ka iso, banki ya riƙe wani adadi a katinka a matsayin jingina, kamar yadda aka rubuta a takardar da ka sa wa hannu, mun kuma sake shi ranar da ka tashi. Kuɗin yakan ɗauki 'yan kwanaki kafin ya bayyana a asusu. Na fahimci yadda wanda ya kwana cikin zafi zai ji in ya ga saƙon banki har biyu, kuma ya kamata a ce an yi maka wannan bayani baki da baki.

Mun mayar maka da kuɗin daren farko ta katin da ka biya da shi. Idan mako ya zagayo ba ka ga ko ɗaya daga cikin kuɗaɗen biyu ba, ka kira lambar da ke jikin rasit ɗinka ka ce a haɗa ka da ni, zan bi maganar da bankin da kaina.

Na gode,
Manajan otal