Gyaran Ƙudurin Zaman Daraktoci na 14 ga Oktoba 2025

Daga: Sakatariyar Kamfani
Zuwa ga: Shugaban Hukumar Daraktoci
Alhamis, 16 ga Oktoba 2025

Ranka ya daɗe,

Na duba daftarin ƙudurin da ofishin Manajan Darakta ya aiko jiya. Shawarata ita ce kada ku sa masa hannu a yadda yake. Shafi biyu ne da rabi, amma zuciyarsa jimla ɗaya ce:

"Bayan doguwar tattaunawa, da la'akari da ƙaratowar kaka da irin wahalar da aka sha bara wajen samun shanshera, an amince bisa manufa a nemi kuɗi daga banki gwargwadon buƙata, a ba da jinginar da ta dace, a kama sito a Haɗeja, a biya masu hannun jari ribarsu, sannan masu gudanarwa su yi duk abin da ya kamata."

Matsalar tana cikin wannan "an" da "a". A baki ladabi ne, ba a nuna kowa da yatsa. A takarda kuwa ba a san wanda ya amince ba, ba a san wanda zai sa hannu ba, ba a san nawa ne "gwargwadon buƙata" ba. Lauyan banki zai dawo mana da ita ranar da ya karanta. "Bisa manufa" ma na cire shi, domin na duba rubutuna na zaman, amincewa kuka yi kai tsaye, har da adadi.

Wuri biyu ne gyaran ya wuce na lafazi. Na farko rabon riba. Daftarin ya ce "a biya", alhali sashe na 426 na dokar kamfanoni, wato CAMA ta 2020, babban taron masu hannun jari ya bai wa ikon ayyana ribar ƙarshen shekara. Daraktoci shawara suke bayarwa, taron kuma yana iya rage abin da suka ce amma ba zai ƙara ba. Na biyu siton Haɗeja. Daraktan Sayayya ya faɗa a gaban kowa cewa yana da kaso a cikinsa tare da ƙanensa, ya kuma fita kafin ƙuri'a. Ya yi abin da ya dace, amma daftarin bai ambata ba ko da kalma ɗaya, wataƙila don kara. Wannan karar cutar da shi za ta yi ranar da wani mai hannun jari ya tambaya.

Maganar sayen tirela biyu ba ta cikin sabon rubutun. An tattauna, ba a yanke ba, ni kuma ba ni da hurumin yanke muku. Tana nan a bayanan zama a matsayin abin da aka ɗage.

Ga ƙudurin kamar yadda nake roƙon a sa wa hannu.

ƘUDURIN HUKUMAR DARAKTOCI

An zartar a zaman ranar Talata, 14 ga Oktoba 2025, a ofishin Kamfani da ke Sharaɗa, Kano. Daraktoci 4 cikin 5 sun halarta. Sashe na 290 na CAMA 2020 yana buƙatar 2 ga hukumar da ba ta wuce mutum 6 ba, saboda haka zama ya inganta.

1. Kuɗin sayen shanshera. Hukuma ta amince Kamfani ya karɓi kuɗin murabaha da bai wuce naira miliyan 600 ba daga bankin da ke riƙe da babban asusunsa, bisa takardar tayin bankin ta 22 ga Satumba 2025. Murabaha ita ce banki ya sayi kaya ya sayar wa Kamfani da ribar da aka yanke tun farko. Wa'adi wata 9. Ribar banki ba za ta wuce naira miliyan 105 ba. Ba za a sayi komai da kuɗin ba sai shinkafa shanshera ta kakar 2025.
Hurumi: sashe na 87 da na 191 na CAMA 2020, doka ta 41 ta kundin dokokin Kamfani.
Ƙuri'a: 4 sun yarda.

2. Jingina. Hukuma ta amince a jinginar wa bankin filin masana'anta na Sharaɗa da injinan casa da ke cikinsa, don wannan kuɗin kaɗai. Lauyan Kamfani zai nemi amincewar Gwamnan Jihar Kano kan jinginar filin. Sakatariya za ta tabbatar an yi wa jinginar rajista a Hukumar rajistar kamfanoni ta CAC cikin kwana 90 daga ranar da aka ƙulla ta, ta kuma kawo shaidar rajistar a zaman da ya biyo baya.
Hurumi: sashe na 191 da na 222 na CAMA 2020, sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978.
Ƙuri'a: 4 sun yarda.

3. Masu sa hannu. Manajan Darakta da Sakatariya, su biyun tare, za su sa hannu a takardun sakin layi na 1 da na 2. Idan Manajan Darakta ba ya gari, Daraktan Kuɗi zai tsaya a madadinsa. Ba su da ikon karɓar adadi, riba, wa'adi ko jingina da ya saɓa wa abin da ke sama. Duk canjin da banki ya nema a waɗannan huɗun zai dawo gaban Hukuma.
Hurumi: sashe na 102 na CAMA 2020, doka ta 44 ta kundin dokokin Kamfani.
Ƙuri'a: 4 sun yarda.

4. Hayar sito a Haɗeja. Daraktan Sayayya ya bayyana wa Hukuma cewa shi da ƙanensa ne suka mallaki siton, ya fita daga ɗakin, bai yi ƙuri'a ba. Hukuma ta amince da hayar shekara ɗaya daga 1 ga Nuwamba 2025 a kan naira miliyan 9. Daraktan Kuɗi ne zai sa hannu ya kuma biya. Daraktan Sayayya ba zai taɓa takardar hayar a madadin Kamfani ba.
Hurumi: sashe na 303 na CAMA 2020, doka ta 47 ta kundin dokokin Kamfani.
Ƙuri'a: 3 sun yarda.

5. Rabon riba. Hukuma tana ba babban taron shekara shawarar ya ayyana ribar kwabo 50 a kan kowane hannun jari, na shekarar kuɗin da ta ƙare 30 ga Yuni 2025. Ba za a biya kowa ba sai taron ya amince. Taron zai zauna ranar Talata, 9 ga Disamba 2025. Sakatariya za ta aika takardun gayyata kafin 14 ga Nuwamba, don cika kwana 21 na sanarwa.
Hurumi: sashe na 426 na CAMA 2020.
Ƙuri'a: 3 sun yarda, 1 ya ƙi.

Nan ƙudurin ya ƙare. Dalilan da aka jero a tsohon daftari, wato tsadar shanshera da abin da ya faru bara, ban zubar da su ba, na mayar da su bayanan zama inda suka dace. Banki ba ya buƙatar sanin wanda ya ɗaga murya a kan wa.

Abu ɗaya nake roƙon ku duba da kanku: adadin ribar banki a sakin layi na 1. A rubutuna miliyan 105 ne, kuma shi ne a takardar tayin, amma Daraktan Kuɗi ya ce min yana tuna kun ce a matsa musu su sauko zuwa 100. Idan umarni ne kuka bayar, sai a gyara adadin kuma sauran daraktocin da suka halarta su tabbatar. Idan fata ne kawai, a bar shi yadda yake. Banki yana jiran kwafin da aka tabbatar ranar Litinin, 20 ga wata, don haka zan zo gida da takardun gobe bayan sallar Juma'a, in kun ba ni izini.

Allah ya ƙara girma.

Sakatariyar Kamfani