Ganuwar Kano: Rubutun Mai Gabatarwa, Shirin Cikin Birni, Kashi na 6

Tsawon shiri: kimanin minti 7. Mai gabatarwa ɗaya, kyamara ɗaya, a zaune.

Alamomi ga mai karatu da mai jan allo: sanda ɗaya / ɗan numfashi. Sanda biyu // tsayawar daƙiƙa ɗaya. [DAKATA] daƙiƙa biyu cur, a tsayar da allo. MANYAN BAƘAƘE a danna kalmar, ba a ɗaga murya ba.

[KALLI KYAMARA. MURMUSHI KAƊAN]

Assalamu alaikum, / masu kallonmu, / barkanku da warhaka. //

Yau ina da tambaya, / kuma Bakano nake wa ita. //

Yaushe rabonka / da ka ga GANUWA?

[DAKATA]

Ban ce ƙofa ba. / Ƙofa kullum muna ratsa ta a adaidaita sahu. / Ƙofar Nassarawa, / Ƙofar Mata, / Ɗan'agundi, / Na'isa, / Gadon Ƙaya, / Kabuga. // Ganuwar nake nufi, / jar ƙasar nan da ta haɗa wannan ƙofa da waccan.

[SASSAUTA]

Tarihin Kano ya ce / Sarki Gijimasu ne ya fara ta, / wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. // Bai ga ƙarshenta ba. / Ɗansa Tsaraki ne ya kammala. // Ku lissafa da kanku: / shekara ƊARI TARA ke nan, / har da ɗoriya.

Da gari ya cika, / Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta. / Shi ne sarkin da ya hau a 1463, / ya gina Gidan Rumfa, / ya kafa Kasuwar Kurmi. // Bayansa, / a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, / wajen 1620, / Wambai Giwa ya ja aikin da ya tura ganuwar yamma, / ta Gadon Ƙaya, / ta Dukawuya, / ta Kabuga, / har Kansakali.

[KOMA SAURIN DA AKA SABA]

To, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: // ba gidaje kaɗai aka kewaye ba. / Har da GONAKI. // Dala na ciki, / Goron Dutse na ciki, / ga filaye, ga kududdufai. // Baturen Jamus ɗin nan, Barth, / da Kanawa suka sani da Abdulkarim, / da ya zo a 1851 / ya hau Dala ya duba, / ya ga fili fetal a cikin birni. // Ba sakaci ba ne, / dabara ce. / In abokan gaba sun yi wa gari zobe, / a rufe ƙofa, / a yi noma a ciki, / a sha ruwa a ciki, / mutanen karkara ma su shigo da dabbobinsu su fake.

Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta. / Da faɗuwar rana a ja ƙyaure. / Wanda ya makara, / sai ya kwana a waje, / ko ɗan wane ne.

[DAKATA]

[SAUKE MURYA]

Ranar 3 ga Fabrairu, / 1903. // Sojojin Turawa, / ƙarƙashin Kanar Morland, / suka iso bakin birni. / Sarki Alu ba ya gari, / ya tafi Sakkwato. // Suka saita igwa, / suka buga. // Ganuwar ba ta faɗi ba. //

ƘYAURE suka fasa, / ta Kabuga suka shiga.

[DAKATA]

Ku riƙe wannan. / Abin da igwa ta kasa, / yau shebur da baro sun yi shi.

[ƊAN MATSO GABA. SAURI KAƊAN]

Na san abin da za a ce mini. / Ai ginin ƙasa ne, / ruwan sama ne ya cinye. // E, / ruwa na ci. / Amma damina ba bana ta fara ba. / Ruwan da ake yi yanzu a watan Agusta, / an yi irinsa a zamanin Rumfa. // Bambancin shi ne, / a da, / in damina ta wuce, / sai a fito aikin gayya. / A kwaɓa ƙasa, / a mulmula tubali, / a cike inda ya zaizaye, / a YAƁE. //

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan. / Shekarar da ka bar yaɓe, / ruwa ya sami hanya. / Ka ƙara shekara biyu, / katanga ta fara tsagewa. // Ita ganuwa, / tun da yaƙi ya ƙare / aka rasa wanda nauyin yaɓenta ke wuyansa.

Sai kuma mu. //

[LISSAFA A HANKALI, KAR A YI FAƊA]

Mai gini ya zo da jaki, / ya ɗebi ƙasa. // Wani ya sare gefe, / ya kafa shago. // Wani ya mayar da gindinta juji. // Wani kuma, / da takardarsa a hannu, / ya ce fili aka ba shi. // Wannan na ƙarshen / shi ya fi ba ni tsoro, / domin mai jaki a ɓoye yake zuwa. / Mai takarda kuwa / da rana tsaka yake zuwa, / da tifa da birkila.

[DAKATA]

Alhali doka na nan. / Tun 1959 / aka sa ganuwar Kano cikin kayan tarihi na ƙasa. / A 2007 / ta shiga jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, / ana jiran a amince da ita / a matsayin gadon duniya. // Har yanzu / tana jerin JIRA. // In masu dubawa suka zo gobe, / me za mu nuna musu?

[ƊAN MURMUSHI]

Ƙofofi dai, / sai son barka. / An faɗaɗa titi, / an sake gina su da siminti, / an shafa fenti, / da daddare har da fitilu. / Ban ƙi ba. / Kano ta cika ta batse, / motar ɗaukar marasa lafiya ba za ta bi ƙofar da aka yi don raƙumi ba. // Amma ƙofa, / ƙofar WANI ABU ce. / In ba ganuwa hagu da dama, / me take buɗewa?

[DAKATA]

[KOMA NATSUWA]

Ban zo in ce a tashi kilomita goma sha wani abu a mayar yadda take ba. / Wannan ya wuce. / Inda aka riga aka gina unguwa, / an gina. // Abin da nake roƙo ƙarami ne. / Guntayen da suka rage a tsaye, / a auna su, / a killace, / a daina raba filin da ke jikinsu. // Sannan a kira magina na gargajiya, / muna da Sarkin Magina, / muna da yaransa, / a ba su aikin yaɓe DUK SHEKARA, / bayan ruwa ya ɗauke. / Ba sau ɗaya ba / a yanka kirtani a ɗauki hoto a watse.

Ku kuma iyaye, / Gidan Makama na nan kusa da fadar Sarki. / Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni a ajiye. / Ku kai yara su gani, / daga nan ku biya da su ta titin Jami'ar Bayero, / tsakanin Na'isa da Gadon Ƙaya, / su ga abin da ya saura.

[KALLI KYAMARA. SAURIN DA AKA SABA]

Mako mai zuwa, / in Allah ya kai mu, / za mu leƙa marinar Ƙofar Mata, / mu ji yadda ake haɗa baba da toka, / da kuma dalilin da ya sa rijiyoyi da yawa suka bushe. //

Sai mun haɗu. / A huta lafiya.

[RIƘE KALLO DAƘIƘA UKU. A YANKE]