Saƙon Godiya Daga Ƙungiyar 'Yan Kasuwar Jega Bayan Gobarar Daren Talata

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga iyayenmu sarakuna da malamai, da 'yan uwanmu 'yan kasuwa maza da mata, da maƙwabtan kasuwa, da ma'aikatan da suka kwana tsaye a kanmu. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau kwana tara ke nan da wuta ta tashi a layin masu kayan masarufi, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare, iskar hunturu na kaɗawa. Kafin a ci ƙarfinta ana kiran assalatu, ta cinye shaguna 47 da rumfuna 112, bisa ƙidayar da kwamitinmu ya yi layi bayan layi. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Mutum shida ne suka ƙone ko suka ji rauni, an sallami huɗu, biyu suna kwance suna samun sauƙi. Mun gode wa Allah da ya taƙaita abin a kan dukiya, domin shi ya bayar, kuma ya gaya mana tun a Suratul Baƙara cewa zai jarraba mu da tawayar dukiyoyi.

Mun jinkirta wannan takarda ne saboda kwanakin farko sun tafi wajen kwashe toka da karɓar masu jaje. Amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, shi ya sa ba za mu bari a shiga hidimar gini a manta da waɗanda suka tsaya mana ba.

Za mu fara da mai gadin ƙofar gabas, dattijon da ya fara jin ƙaurin. Bai tsaya neman waya ba. Ya ɗauki sandarsa yana dukan ƙyauren shaguna yana kururuwa, har ya tashi yara 'yan dako tara da ke kwana a cikin rumfunan hatsi. Rumfunan nan ba a fi minti ashirin ba wuta ta rufe su. Baba, duk abin da muka ba ka bai kai ba, sai dai mu ce Allah ya saka maka da Aljanna. Haka ladanin masallacin bakin kasuwa da ya kunna lasifika da batir yana shela, har unguwannin da ke kewaye suka farka.

Abin da muka fi son kowa ya sani, har da waɗanda ba su zo wurin ba, shi ne yadda wutar ta tsaya. Iska tana tura ta yamma, kai tsaye zuwa layin 'yan atamfa da shadda, bayansa kuma masu katifa da robobi. Duk wanda ya san kasuwar nan ya san in ta kama katifa, to sai abin da Allah ya yi. Tsakanin wutar da layin atamfa akwai rumfuna goma sha huɗu na itace da kwano, na masu tireda da masu takalma, kuma wuta ba ta taɓa su ba tukuna. Sarkin Kasuwa da wasu dattawa suka ga babu dabara sai a rushe su, a bar fili, wutar ta rasa abin ci. Masu rumfunan suna tsaye a wurin, suna kallon abin da suka tara shekara da shekaru. Babu wanda ya tilasta musu. Ɗaya daga cikinsu, wanda jarinsa duka bai kai na kwali biyu na wani babban shago ba, shi ya fara karɓar gatari ya sare ginshiƙin rumfarsa da hannunsa, sauran suka bi. A wannan filin wuta ta tsaya.

Don haka ƙungiya ta yanke, ba tare da ko mutum ɗaya ya ja ba, cewa waɗannan goma sha huɗun suna cikin waɗanda gobara ta shafa, kuma rumfunansu ne za a fara tayarwa. Mun ji ana cewa ai nasu ba ƙonewa suka yi ba. Gaskiya ne, ba su ƙone ba, an rushe su ne don kada na wasu ya ƙone. 'Yan layin atamfa sun riga sun ɗauki nauyin kwano da katako, kuma abin da ya dace da su ke nan.

Muna godiya ga ma'aikatan kashe gobara, da waɗanda suka taso da mota daga Birnin Kebbi a cikin daren nan da hazo. Mun ga yadda kuka shiga hayaƙi inda mu muke ja da baya. Mun kuma ga kunyar da muka jawo wa kanmu: motarku ta iso amma ta kasa shiga, saboda tebura da rumfunan da muka cika hanya da su. Sai da aka ɓata lokaci ana janye su. Wannan laifinmu ne, mun karɓa. Mun gode da kuka hana matasa watsa ruwa a shagon da ke da jarkokin fetur da man gyaɗa, kuka sa aka zuba yashi. Da yawa daga cikinmu sai a daren muka san cewa ruwa yana ɗaga mai ne ya yaɗa wutar gaba. Mun gode wa wanda ya yi saurin yanke wutar lantarkin layin kafin a fara zuba ruwa.

Tankin mota yana ƙarewa, kuma a nan ne mutanen gari suka nuna ko su wane ne. 'Yan ga-ruwa suka yi ta turo kura ba su karɓi ko sisi ba. Manoman fadama, waɗanda ke tsakiyar aikin shinkafar rani, suka kwance injinan ban ruwansu suka ɗoro a kan babura, aka jona tiyo daga rijiyoyin maƙwabta. Masu gidajen da ke da burtsatse suka tada janareta da man aljihunsu suka buɗe ƙofa. Direbobin tifa biyu suka juye yashin da aka riga aka saya don ginin wani. Matan unguwa, iyayenmu da ƙannenmu, suka miƙo ruwan randunansu a bokiti da baho har ya ƙare, da gari ya waye kuma sai ga kunu da ƙosai an aiko wa waɗanda suka kwana. Allah ya san ku ɗaya bayan ɗaya ko da mu ba mu san sunan kowa ba.

'Yan sanda, jami'an tsaron farin kaya da 'yan banga sun tare ƙofofi, sun hana ɓata-gari cin kasuwa a kan masifar mutane. 'Yan agaji na ƙungiyoyin addini da 'yan kabu-kabu sun yi ta kai masu rauni asibiti, ma'aikatan jinya na dare kuma suka karɓe su ba tare da tambayar wa zai biya ba. Kayan da aka fitar aka tara a harabar masallaci da wani gida na maƙwabta, an mayar wa masu su. Buhu uku na sukari da keken ɗinki ɗaya har yanzu suna ofishin ƙungiya, mai su ya zo da shaida ya ɗauka.

'Yan uwanmu Igbo masu kayan gyaran mota da Yarabawa masu kayan koli, layinku yana can nesa da wutar, kuna iya tsayawa gadin naku, amma a cikin layin bokiti muka gan ku. Gudummawar da shugabanninku suka kawo a rana ta biyu tana cikin na farko da suka iso. Abokan cinikinmu na Aliero, Maiyama, Kalgo, Tambuwal da Argungu, da Zabarmawa da suka tsallako daga Dosso don yi mana jaje, mun ga ƙafarku. Muna miƙa godiya ga uban ƙasa da hakimai da masu unguwanni, da masarautar Gwandu, da shugabannin ƙaramar hukuma, da jami'an hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da suka zo suka duba ɓarnar da idonsu.

Akwai wata godiya da ba a ganin dalilinta a cikin toka. Littattafan bashi da yawa sun ƙone. Ɗan kasuwa ya san abin da wannan ke nufi: rabin jarin wani yana hannun mutane, kuma shaidarsa kaɗai ita ce wannan littafin. A cikin kwanakin nan mun ga mutane suna zuwa da ƙafarsu, suna cewa Alhaji kana bi na kaza, ga rabi, sauran sai bayan girbi. Wata tsohuwa ta zo daga ƙauye da kuɗin sabulu da magi ƙulle a bakin zane, bashin da mai shagon ma ya manta da shi. Ta ɓangaren waɗanda ke bin mu kuma, wasu iyayen gidanmu na Kantin Kwari da Singa a Kano, da na Sakkwato da Onica, sun bugo waya sun ɗaga lokacin biya, wasu sun yafe wani kaso, wasu ma sun ce a zo a ɗauki sabon kaya. Sun yi aiki da faɗin Allah cewa idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa lokacin sauƙi. Waɗanda ba su yi ba tukuna muna roƙonsu su duba. Masu fitar da zakka kuma su tuna cewa waɗanda bashi ya danne suna cikin kashi takwas da aka lissafa a Suratut Tauba.

Game da musabbabin wutar, bincike yana hannun hukuma. Muna roƙo da babbar murya a daina ambaton sunan wani mai shayi ko wani mai shago a majalisa da wayoyi. Mutumin da ake nunawa da yatsa shi ma ya rasa komai. Abin da ke wuyanmu shi ne gyara namu: daga yanzu ba a barin garwashi ko risho a kasuwa bayan an tashi, kowa ya kashe makunnin shagonsa kafin ya rufe, ba a ajiye fetur a cikin layi, kuma hanyar da aka buɗe wa mota ta buɗu ke nan. An ruwaito a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da dare a Madina, sai Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta. Muna kuma shawartar 'yan uwa su rage kwana da tsabar kuɗi a shago, domin mun ga abin da ya sami wasu a akwatunansu.

Duk gudummawar da ta shigo, kuɗi ko kaya, an rubuta ta, kuma za a karanta lissafin a bainar jama'a ranar Asabar bayan sallar La'asar a gaban ofishin ƙungiya. Mata masu daddawa, kuka, kuɓewa da barkono da ke kasa kaya a ƙasa ba su da lambar shago, saboda haka da yawansu ba su shiga ƙidayar farko ba. Shugabar mata za ta zauna da magatakarda daga gobe har Alhamis, daga ƙarfe goma na safe, don a rubuta su. Wanda ya san wata da kunya ko rashin lafiya ta hana ta zuwa, ya zo ya faɗa mana inda take, mu za mu je.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mayar wa kowa da mafi alherin abin da ya rasa, ya tsare mu da sauran kasuwannin jihar Kebbi daga irin wannan.

Wassalamu alaikum.

Shugaba da Magatakarda,
a madadin dattawa, shugabannin layuka da dukkan 'ya'yan ƙungiya,
Jega, Jihar Kebbi.