Batun ƙidayar kayan siton Zariya

Assalamu alaikum Yallaɓai, barka da aiki. Da fatan an tashi lafiya.

Na ga saƙonka na safiyar yau Litinin, cewa in je Zariya in ƙirga kayan sito, in kawo rahoto ranar Alhamis 17 ga wata. Na gode da ka yarda da ni a kan wannan aiki. Sai dai ka yi haƙuri, ba zan iya ɗaukarsa a wannan makon ba. Gara in faɗa maka yau, da in ce to, ranar Alhamis kuma in zo ina kame-kame.

Ga abin da ke kan teburina. Takardun harajin kaya na watan jiya dole su shiga kafin 21 ga wata, Litinin mai zuwa ke nan, in muka wuce kuwa tara ce. Har yanzu akwai rasit 63 da ban shigar ba. Wasu ruwa ya jiƙa su a gaban mota, tawada ta zuba, sai na kira direba ɗaya bayan ɗaya ina tambaya ko buhu 40 aka rubuta ko 90. Wannan kaɗai ya cinye mini Juma'ar da ta wuce. Ga bashin dilolin Panteka da ka ce in daidaita kafin zamanku na Laraba, uku a cikinsu lissafinsu bai yi daidai da namu ba. Albashi ma tun da Hajiya ta tafi hutun haihuwa ya dawo hannuna.

Siton Zariya kuwa ba aikin wuni ɗaya ba ne. Siminti da sauƙi, amma rodi sai an sauke an ƙirga da hannu, kwano kuma akwai bandir ɗin da aka ɓalle aka sayar da rabi. A ƙidayar bara kwana biyu muka yi, mu biyu. In na yi shi a gurguje, lambar da zan kawo maka ba wadda za ka dogara da ita ba ce.

Abin da nake gani shi ne, in zai iya jira, Talata 22 da sassafe zan kama hanya, rahoto ya iso gare ka Alhamis 24. In kuma lallai wannan makon ake so, a tura ɗan bautar ƙasan nan namu ya yi tare da mai sito. Yaron yana da natsuwa. Zan tsara masa takardar ƙidaya yau kafin a tashi, ya riƙa turo mini hoton shafukan da yamma ina dubawa.

Idan dai ni ɗin kake so, to a ɗage zaman dilolin zuwa mako mai zuwa, in tafi gobe in dawo Laraba da dare, in ƙarasa harajin zuwa Asabar. Wannan kai ne mai yankewa, ranka ya daɗe.

Zan leƙo ofishinka bayan Azahar in ji wanda ka zaɓa.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka,
Akawun reshen Kakuri